Yadda Kuɗi Kaɗan Daga Mutum Dubu Ke Biyan Asarar Mutum Biyar

Duk wanda ya bi titin da ya taso daga Kwangila ya ratsa Palladan ya nufi Samaru a Zariya, zai ga shaguna jere dama da hagu: masu tireda, teloli, masu sayar da kayan gini, masu gyaran waya, da masu buga takardu waɗanda ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ke yi wa ciniki. Galibin masu shagunan nan jarinsu duka yana cikin ɗaki guda mai ƙofar ƙarfe, ga janareto a bakin ƙofa, ga jarkar fetur a lungu, ga wayoyin lantarki an yi musu jone-jone. Kowa ya san gobara takan tashi, musamman lokacin hunturu da iska ke kaɗawa kome ya bushe. Abin da ba wanda ya sani shi ne shagon wa za ta ci. A kan wannan bambanci aka gina inshora: abin da ba a iya sani game da mutum ɗaya, ana iya kintatarsa game da jama'a mai yawa.

Bari mu buga misali da lissafi, amma a riƙe cewa alƙaluman na misali ne kawai. A ce akwai shaguna 1,000 a warwatse tsakanin Palladan da Samaru da Sabon Gari, kowanne da kaya na naira miliyan 2. A ce kuma an duba shekarun baya an ga cewa a kowace shekara kamar biyar ne ke ƙonewa ƙurmus. Asarar shekara ta zama naira miliyan 10. In aka bar ta a kan mutum biyar ɗin da abin ya shafa, kowannensu ya karye, wani ma ba zai sake tashi ba. In kuwa aka raba ta ga mutum dubun tun kafin wutar ta tashi, kowa naira 10,000 zai bayar, wato ƙasa da naira 30 a rana. Inshora ba ta rage asarar da ko kwabo ba, kayan miliyan 10 sun ƙone dai. Abin da ta yi shi ne ta mayar da babbar asara da ba a san ranarta ba ta zama ƙaramin biya da aka san yawansa da lokacinsa.

Amma naira 10,000 ba za ta wadatar ba, don asusun yana da tasa ɗawainiyar. Akwai masu karɓar kuɗi da rubutawa, akwai masu zuwa su duba shagon da ya ƙone su ƙiyasta asara, sannan wuta ba ta yi wa kowa alkawarin tsayawa a kan shago biyar ba. Saboda haka a ce an yanka wa kowa naira 15,000, an tara miliyan 15. Miliyan 10 na biyan diyya, miliyan 2 na tafiyar da aiki, miliyan 3 kuma a ajiye. Shekarar da shago takwas suka ƙone, ana bukatar miliyan 16, alhali abin da ke hannu bayan kuɗin aiki miliyan 13 ne, sai a ciko miliyan 3 daga ajiyar bara. Asusun da ke rabe kome duk ƙarshen shekara ba ya barin ajiya, shekara ɗaya mai tsanani ta ishe shi rushewa.

To, me ya sa sai mutum dubu? Me zai hana maƙwabta goma a layi ɗaya su yi abinsu? Ga dalili. Mutum goma masu ba da naira 10,000 za su tara naira 100,000 a shekara, shago ɗaya kuwa miliyan 2 ne, wato tarin shekara 20. Mai yiwuwa su yi shekaru ba abin da ya faru, amma in wutar ta zo a shekara ta biyu, abin da ke asusu ba zai sayi ko kashi ɗaya cikin biyar na kayan ba. Da mutum 1,000, yawan gobara yakan yi yawo ne tsakanin ɗaya da goma, don haka mummunar shekara na iya ninka abin da aka zata. Da mutum 100,000 kuwa, inda ake sa ran gobara 500, da wuya adadin ya fita daga tsakanin 450 da 550, wato kuskuren bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Gwargwadon yawan mahalarta, gwargwadon yadda ƙiyasi ke matsowa kusa da gaskiya. Masanin lissafi Jacob Bernoulli na ƙasar Suwizalan ne ya kafa hujjar wannan ƙa'ida a littafinsa da aka buga a 1713, kuma ita ce ta sa kamfani mai abokan hulɗa da yawa ke iya yanka farashi da natsuwa.

Sai dai ƙa'idar tana da sharaɗi, kuma a nan ne asusai da yawa ke faɗuwa. Dole asarar wannan ta kasance ba ta jawo ta wancan. Shagon da ke Samaru da wanda ke Sabon Gari wuta ɗaya ba ta haɗa su, amma rumfuna dubu a cikin kasuwa ɗaya, rufi manne da rufi, ga hanyoyi matsattsu da motar 'yan kwana-kwana ba ta iya shiga, a lissafi kusan kamar shago ɗaya ne babba. An ga haka a Kano cikin watan Maris na 2016, lokacin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta lashe dubban shaguna a tashi ɗaya. Mu koma misalinmu: in shaguna 300 cikin dubun suka ƙone a dare guda, asarar naira miliyan 600 ce, daidai da duk abin da asusun zai tara a shekara 40. Don haka ƙungiyar 'yan kasuwa da ta kafa asusun gobara na 'yan kasuwarta kaɗai ta tara ƙwanta ne a kwando ɗaya. Maganin abin shi ne warwatsawa: kamfani ya ɗauki shaguna a Zariya da Legas da Fatakwal, ya haɗa da motoci da gidaje, sannan shi ma ya biya wani kamfani mafi girma don ya ɗauke masa wani kaso na nauyin. Irin aikin da kamfanin Africa Re, wanda aka kafa a 1976 yake kuma da hedikwata a Legas, ke yi ke nan. Turawa ma bala'i ne ya koya musu, domin bayan babbar gobarar Landan ta 1666 ne kamfanonin inshorar gobara suka fara bayyana a can.

Yanzu sai mu saurari masu ja. Na farko yakan ce: na biya shekara goma ban taɓa karɓar kome ba, ashe ba cuta ba ce? Wannan ya ɗauki inshora kamar adashi ne, inda kowa ke jiran ranar kwasarsa. A adashi abin da ka zuba shi kake kwasa, ba ƙari ba ragi, shi ya sa ba ya iya maye wa mutum shagon da ya ƙone. A inshora kuwa mutum 995 da ba su karɓa ba su ne suka sa aka iya biyan biyar ɗin. Da kowa zai karɓi nasa, da ba abin da zai rage na ba wanda wuta ta ci. Wanda bai karɓa ba ya sami abu biyu: shagonsa na nan, kuma duk tsawon shekarun nan akwai miliyan 2 a bayansa da abin ya faɗo kansa.

Na biyu yakan kawo batun addini, kuma maganarsa tana da nauyi. Malamai da yawa sun ƙi inshorar kasuwanci saboda garari da riba da kama da caca. Amma abin da suka ƙi shi ne sigar cinikin, ba haɗa hannu a ɗauki asara ba, domin shari'a da kanta ta ɗora diyyar kisan kuskure a kan dangin wanda ya yi, su yi karo-karo su biya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar taimakon juna ta halatta, kuma tun 1979 aka kafa kamfani irin wannan a Sudan. A tsarin takaful, abin da mutum ya zuba gudummawa ce ga asusun mahalarta, kamfani wakili ne da ake biyansa ladan aiki, ba a juya kuɗin a harkar riba, kuma in an sami rara ana iya mayar wa mahalarta. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki da lasisinta. Lissafin da muka yi a sama bai sauya ba, mallakar asusun ce ta sauya.

Na uku yakan ce kamfanonin nan wajen karɓa suna da sauri, wajen biya sai kwana-kwana. Akwai gaskiya a ciki, amma sau da yawa matsalar tana farawa ne tun ranar cika takarda. Wanda ke da kayan miliyan 4 ya rubuta miliyan 2 don a rage masa biya, rabin rabonsa kawai ya zuba a asusu. In wuta ta ci masa kayan miliyan 1, bisa sharaɗin da ke cikin yawancin takardun gobara naira 500,000 za a ba shi. Wanda kuma ya ɓoye cewa yana ajiye fetur ko gas a shago, ya sa sauran mahalarta ɗaukar haɗarin da ba a lissafa ba, kuma ana iya hana shi diyya gaba ɗaya. Wannan tsanani kariya ce ga mutum dubun nan. In aka yanka wa mai sayar da gas da mai sayar da littattafai kuɗi ɗaya, masu ƙaramin haɗari za su janye, a bar masu babban haɗari, gobara biyar ta koma goma sha biyar, farashi ya hau, wasu su ƙara janyewa, har asusun ya mutu.

Saboda haka mai shago da ke son shiga ya bincika abu huɗu kafin ya ba da kuɗinsa. Ya tabbatar kamfanin yana cikin waɗanda NAICOM ta ba lasisi, don takardar bogi ba asusun da ke bayanta. Ya faɗi ainihin ƙimar kayansa, ya sabunta ta duk lokacin da farashi ya tashi. Ya sa a karanta masa abubuwan da aka ware ba a biya, da wa'adin da aka ba shi na kai rahoto in abu ya faru. Sannan ya riƙa ajiye rasidai da littafin kaya a gida, ba a shago ba, domin su ne shaidar da mai ƙiyasin asara zai nema, kuma in suna cikin shagon tare za su ƙone da kayan.