Kafin ka tallata man kaɗanya da Sinanci, san abin da za ka iya rantsuwa a kansa

Aikina fassara ne tsakanin Hausa da Sinanci, kuma a nan Unguwar Sarki nake zaune, ba nisa da Masallacin Sultan Bello. Da can takardun injuna da rasidan kaya aka fi kawo min. Tun da gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya waje na wata shida a watan Agustan 2025, domin a riƙa sarrafa shi a gida, sai masu sayar da man suka yawaita a wurina, kowa na son a rubuta masa bayanin kaya da Sinanci ya saka a Alibaba.com ko ya tura wa masu saye ta WeChat. Abin da ke damuna shi ne kusan duk rubutun da suke zuwa da shi iri ɗaya ne, kuma in aka fassara shi yadda yake, zai jawo wa mai kayan asara.

Misali guda ya isa. Wata Hajiya da ke saro man daga hannun matan da ke sarrafa shi a wajen Bida, ta zuba a kwali mai kilo 25, ta aiko min da abin da ɗanta ya rubuta mata. Ya ce man nasu shi ne mafi kyau a duniya, yana maganin ƙyasbi da kuraje, yana goge nankarwa, yana sa hasken fata, yana kare zafin rana, yana tsayar da zubewar gashi. Na ce mata: "Hajiya, ko layi ɗaya a nan ba zan iya mayarwa Sinanci ba." Ta ce ai haka kowa ke faɗa a kasuwa, kuma iyayenmu da shi suka rene mu. Gaskiyarta ne ta nan ɓangaren. Amma abin da ake faɗa baki da baki a Kasuwar Sheikh Gumi daban, abin da aka rubuta a shafin sayarwa na ƙasar Sin daban, domin can rubutun alkawari ne da doka ke kama mutum a kansa.

Dokar talla ta Sin, wadda aka yi wa babban gyara a 2015, ta hana kalmomin fifiko kai tsaye, irin su 最佳 da 最高级, wato "mafi kyau" da "mafi daraja". Tarar da dokar ta ambata ta fara daga yuwan 200,000. Dokar dai ta hana duk kayan da ba magani ba ne a ce yana warkar da cuta, ko a yi amfani da kalmomin asibiti wajen tallarsa. Ke nan maganar ƙyasbi da kuraje ta faɗi. Sai dokar kayan kwalliya da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021, wadda ta ware wasu ikirari ta ce na musamman ne: hasken fata da goge tabo, kariya daga rana, hana zubewar gashi, rini da lanƙwasa gashi. Ba a rubuta ɗaya daga cikinsu sai kayan sun yi rajista ta musamman da hukumar NMPA. Man da aka kirɓa a ƙauye ba shi da wannan rajista, kuma gaskiyar magana ba ya yin bilicin, ba ya kuma maye gurbin man kariyar rana.

Wani zai ce, ni ina Kaduna, wa zai zo ya ci ni tara? Ba za a zo ba. Abin da ke faruwa shi ne a sauke shafinka, ko kuma Basinen da ya sayi kayanka ya kwafi bayaninka ya saka a shagonsa, tarar ta hau kansa. Akwai mutane a can da sana'arsu ke nan, bin shafukan sayarwa suna neman ikirarin ƙarya, saboda dokar kare masu saye ta ba wanda aka yaudara damar neman diyyar ninki uku na kuɗin kaya. Ɗan kasuwar da ka jefa cikin wannan hali ba zai sake saye a hannunka ba, kuma zai gaya wa 'yan uwansa.

Da muka share waɗannan, Hajiya ta ce to me ya rage? Abin da ya rage shi ne abin da mai saye ke nema tun farko. Masu sayen kwali ashirin ko hamsin yawanci masu yin sabulun hannu ne da man shafawa, kuma tambayoyinsu ba sa wuce: tatacce ne ko ɗanye, yaushe aka yi shi, nawa ne tsaminsa, nawa ne ruwansa. Na roƙe ta ta kai samfuri ɗakin gwaji kafin mu rubuta komai. Ma'aunin Codex na man kaɗanya marar tacewa, wanda aka amince da shi a 2017 domin nahiyar Afirka, ya kasa shi aji biyu. Aji na sama, 1a, sinadarin tsamin da ake rubutawa FFA a takardar gwaji ba ya wuce kashi 1 cikin 100, ruwa kuma ba ya wuce 0.05. Aji na biye, 1b, tsamin na iya kaiwa kashi 3, ruwa 0.2. Sakamakon nata ya fito da tsami 2.4, ruwa 0.15. Ta so a rubuta "aji na ɗaya" kawai a wuce. Na ƙi, muka rubuta lambobin yadda suke. Tsami mai yawa alama ce ta cewa ƙwallon ya daɗe da danshi kafin ya bushe, kuma mai saye zai sake gwadawa idan kaya sun isa. In ya ga 2.4 bayan ka sa masa ran ƙasa da 1, ciniki ya mutu. In kuwa 2.4 ya gani a shafi tun farko, mai yin sabulu ba zai damu ba, don wannan adadi ba ya hana shi aikinsa.

Ga gangar jikin abin da muka saka:

```
品名:未精制乳木果油
成分:牛油果树(BUTYROSPERMUM PARKII)果脂
原产国:尼日利亚
净含量:25千克/箱
游离脂肪酸:2.4%  水分:0.15%
外观:米白色至淡黄色固体,带烟熏坚果味
用途:手工皂、润肤膏原料,仅供外用
贮存:密封,避光,30℃以下
```

Layi na farko ya ce man kaɗanya ne marar tacewa. Na biyu shi ne sunansa a jerin sinadaran kwalliya na hukuma, kuma a nan mutane ke tuntuɓe, domin haruffa ukun farko na wannan suna su ne sunan fiya a bakin Sinawa. Wanda ya gutsure shi ya rubuta 牛油果油 ya tallata man fiya, ba man kaɗanya ba. Sauran layukan sun faɗi ƙasar asali, nauyi a kowane kwali, sakamakon gwaji, kamanni, amfani da yadda ake ajiya. A ƙasa muka ƙara ranar sarrafawa, shekara a gaba, sai wata, sai rana, yadda suke rubutawa, da lambar rukunin kayan da ta yi daidai da wadda ke kan takardar gwaji. Nauyi a rubuta shi da kilo. Idan mai saye ya yi ciniki da 斤, a tuna rabin kilo yake nufi.

Layin kamanni shi ne na fi daɗewa a kansa tare da Hajiya, don shi ne ke hana rigima. Basine da ya saba da tataccen mai fari fat marar wari, in ya buɗe kwali ya ji ƙaurin hayaƙi, zai ɗauka kaya sun lalace. Shi ya sa muka faɗa masa tun kafin ya biya: launin daga ruwan madara zuwa ɗorawa-ɗorawa, yana da ƙamshin ƙwallo da ɗan hayaƙi, kuma launi kan bambanta daga rukuni zuwa rukuni saboda aikin hannu ne. Muka kuma ƙara jimla guda kan zafi. Man kan fara narkewa idan zafi ya haura digiri talatin da 'yan kai, kuma kwantenar da ta tashi daga Legas tana makonni a teku. Idan ya narke ya sake daskarewa a hankali, sai ya yi tsaki-tsaki kamar gero a cikinsa. Wannan ba lalacewa ba ce. A narkar da shi a kan ruwan zafi, a sanyaya shi da sauri, zai koma sumul. Abin da ke nuna lalacewa shi ne wari mai yaji irin na tsohon mai, ko fumfuna a saman kwali. Mun rubuta wannan bambanci a fili, har da cewa wanda ya ga alamar lalacewa ya ɗauki hoto ya aiko. Hoton shafi ma na kayan gaske muka sa, a hasken rana, ba a gyara launi ba.

Yadda ake amfani kuwa, kada a bar shi a "a shafa a jiki". Ga ƙaramin samfurin da take aikawa, mun rubuta a ɗebi kamar ƙwayar waken suya, a murza a tafin hannu har ya narke, a shafa a busasshiyar fata, gwiwar hannu ko diddige mai kaushi. Wanda bai taɓa amfani da shi ba ya gwada kaɗan a cikin damtse ya jira kwana guda. Kada a sa a buɗaɗɗen rauni ko a ido. Kalmomin da muka tsaya a kansu biyu ne, 滋润 da 保湿, wato yana laushin fata yana riƙe danshinta, abin da duk wanda ya yi hunturu a Kaduna zai shaida. Duk da cewa mu muna girki da shi, mun rubuta na shafawa ne kawai, domin shigar da abinci ƙasar Sin hanya ce daban da takardunta. Haka ma 有机, wadda ke nufin an tabbatar ba takin zamani ba maganin ƙwari: itacen kaɗanya a daji yake fitowa, amma kalmar sai da takardar shaida, kuma Hajiya ba ta da ita.

Akwai iyakar da nake son kowa ya gane. Duk wannan bayani na sayar da man ne a matsayin kayan haɗi ga masu sarrafawa. Ranar da ka zuba shi a ƙananan kwalabe da sunan kamfaninka domin a sayar a shagunan Sin, ya zama kayan kwalliya, sai an shigar da bayanansa a hukumar NMPA ta hannun wani kamfani da ke can wanda zai ɗauki alhakinsa. Fassara ba ta maye gurbin wannan, kamar yadda ba ta maye gurbin rajistar NEPC da takardun NAFDAC a nan gida.

'Yan uwa masu wannan sana'a, roƙona gare ku guda ne. Kafin ku nemi mai fassara, ku zo da takardar gwajin rukunin da za ku sayar, da ranar da aka sarrafa shi, da hotonsa na gaske. Idan an gama rubutun, ku sa wani daban mai jin Sinanci ya karanta muku shi da Hausa layi bayan layi, duk layin da ba ku da hujjarsa a hannu ku ce a cire.