Darasin Kimiyya: Wane Moto Za Mu Sa wa Mutum-mutuminmu Mai Taya?

'Yan uwa ɗalibai, duk mai son haɗa ƙaramin mutum-mutumi mai taya biyu zai tarar da moto iri biyu: mai buroshi da mai taku. Mu gwada su da taya ɗaya, mai faɗin milimita 65, wadda ke cin kusan santimita 20 a kowane juyi.

Mai buroshi ɗan uwan wanda ke cikin motar wasan yara ne. Waya biyu gare shi, da ya ji wuta sai juyi. Rawayan nan mai giya yana yin juyi kamar 200 a minti idan ya samu bolt 6 ba kaya. Ke nan mita 40 a minti, ko da yake nauyin batir zai rage masa gudu. Aibinsa, ba a samun guda biyu masu gudu daidai. Ka ce ya miƙe, sai ka ga yana karkata gefe ɗaya. Maganin shi ne a rage wa mai saurin wuta kaɗan-kaɗan da `analogWrite` a Arduino har tafiyar ta daidaita. A tuna kuma, allon L298N da ke tuƙa shi yana cinye kusan bolt 2. Batir 18650 guda biyu a jere suna ba da 7.4, sai moton ya samu biyar da 'yan kai, kuma ya ishe shi.

Mai taku, irin 28BYJ-48, ƙidaya yake yi. Taku kamar 2048 ne juyi guda, wato taku goma ke kai shi milimita ɗaya. Abin sha'awa, amma da ƙyar yake wuce juyi 15 a minti, mita 3 ke nan. Ajin da ya kai mita 8 sai ya kusa minti uku bai ƙetare ba, alhali mai buroshi ya isa cikin daƙiƙa ashirin. Ga shi ko yana tsaye yana shan batir muddin ba a yanke masa wuta ba. Taɓa shi za ka ji ɗumi. Mu da ke kai batir wurin masu caji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai batun ƙasa. A filin makaranta nan Moriki rairayi ne, taya na sulɓewa. Moton zai ƙirga takunsa cif, mutum-mutumin kuwa bai kai inda aka nufa ba. Idan tsakuwa ta tare shi, sai ya riƙa karkarwa yana tsallake taku, Arduino kuma na ci gaba da ƙidaya bai sani ba.

Don haka mu dai mai buroshi muka zaɓa wa mai bin baƙin layi, tunda idon da ke kallon layin yana gyara karkatar a kowane lokaci. Mai taku mun bar shi ga wanda zai zana murabba'i da alli a kan siminti mai santsi, inda ba gaggawa.