Amsoshin Tambayoyinku: A Fara Jimla da Aikau ko da Karɓau?

Wata ɗaliba daga Zariya, mai shirin jarrabawar IELTS, ta tambaya yaushe ake fara jimlar Ingilishi da aikau, wato mai yin aiki, yaushe kuma ake gabatar da karɓau, abin da aikin ya faɗa wa.

To, Malama, tambayi kanki: shin mai karatu na buƙatar sanin wanda ya yi aikin? A rubutun muhawara yana buƙata. In kin ce "an hana sare itatuwa", sai mai makin takarda ya ce wa ya hana? Ambaci gwamnati a farkon jimla.

Amma a aikin farko na takardar rubutu, inda ake so a ƙalla kalma 150 cikin kimanin minti 20, ana iya ba ki zanen yadda ake yin bulon laka. Nan babu ruwan kowa da leburan masana'anta. Laka ce abin bi: ana haƙo ta, a gauraya da yashi da ruwa, a zuba a ma'auni, a busar, a gasa. Kowace jimla ta fara da laka ko bulo, aikatau ya ɗauki siffarsa ta uku, wurin da ɗalibai kan yi tuntuɓe.

Sai dai kar ki zarce. Bulo da kansa yake hucewa, a zanen rayuwar kwaɗo ma ƙwai da kansa yake ƙyanƙyashewa. In zanen ya nuna abin da ke faruwa ba hannun mutum, bar bulon ko ƙwan ya zama aikau.