Wasiƙar Warware Kwangila Kafin Aiki Ya Ƙare

Ya kamata jama'a su sani cewa ɗan kwangilar da ya kwashe kayan aikinsa cikin fushi, ba tare da rubutacciyar sanarwa ba, yana iya zama shi ne wanda ya karya alkawari a idon shari'a, ko da mai aikin ne ya fara cutarsa. Idan kuwa an yi jinga a kan cewa sai aiki ya kammala za a biya, to, yana iya rasa ladan wahalarsa. Saboda haka rabuwa tana da ƙa'ida.

Alal misali, a ce wani magini a Gombe ya karɓi kwangilar gina gida a unguwar Tudun Wada a kan Naira 20,000,000, za a riƙa biyansa kashi-kashi. Gini ya kai linta, amma mai gidan ya riƙe kuɗin kashi na biyu, ga shi kuma kullum yana sake tsarin ɗakuna da fatar baki.

Gargaɗi Kafin Rabuwa

Abu na farko shi ne maginin ya duba takardar yarjejeniyarsu. Jinkirin biya shi kaɗai ba kullum yake ba mutum ikon barin aiki ba, sai in yarjejeniyar ta faɗi haka, ko kuwa mai aikin ya nuna a fili ba shi da niyyar biya. Don haka sai ya fara aika wasiƙar gargaɗi, ya ambaci kuɗin da aka riƙe, ya ba da wa'adin da aka rubuta, a ce kwana 14. Sai wa'adi ya cika ba a biya ba, sa'an nan ya rubuta wasiƙar warwarewa.

Lissafin Abin da Ake Bi

Kuskuren da aka fi yi shi ne neman dukan cikon kuɗin kwangila, alhali ba a gama aikin ba. Abin da ya fi sauƙin tabbatarwa shi ne darajar aikin da ke tsaye a ƙasa. Sai a kira masanin kimanta kuɗin gini, wanda ba ya ɓangaren kowa, ya auna aikin a gaban su biyun, a ɗauki hotuna, kowa ya sa hannu.

A ce awon ya nuna aikin da aka yi ya kai Naira 9,000,000. Ƙarin aikin da mai gida ya sa aka yi, Naira 1,200,000 ne. Siminti da rodi da bulon da maginin ya saya, wanda zai bari a wurin, Naira 800,000. Jimla ta zama Naira 11,000,000. An riga an biya shi Naira 7,500,000, saura Naira 3,500,000. Amma akwai wani bango da ya karkace, wanda gyaransa zai ci Naira 500,000, kuma laifin maginin ne. Idan ya cire wannan da kansa, abin da yake bi Naira 3,000,000 ke nan. Wanda ya fara faɗin aibin aikinsa ya toshe ƙofar gardama.

A lura, kuɗin ƙarin aikin nan shi ya fi jawo musu, domin da baki aka ba da umurninsa. Sai an haɗa da rasit, ko saƙon waya, ko shaidar birkila.

Yadda Wasiƙar Take

"Ranka ya daɗe Alhaji, bayan gaisuwa da fatan alheri. Bisa yarjejeniyarmu ta ginin gidanka da ke Tudun Wada, da wasiƙar gargaɗina ta ran 3 ga Maris wadda wa'adinta ya cika ba a biya ba, ina sanar da kai na warware kwangilar daga ran 20 ga Maris. Ga takardar awo da lissafi a haɗe. Ina bin ka Naira 3,000,000, ina roƙon a biya cikin kwana 30. Zan miƙa makullai da zanen gini a ranar da na ambata, daga nan tsaron wurin ya koma hannunka. Wannan wasiƙa ba ta nufin na yafe wani haƙƙina. Haza wassalam."

Ba a sa zagi ko barazana a ciki, domin mai yiwuwa ne wata rana alƙali ya karanta ta. A miƙa ta hannu da hannu, wanda ya karɓa ya sa hannu a kan kwafi, ko a aika ta gidan waya da rajista.

Idan mai gidan ya biya wani ɓangare, kada maginin ya sa hannu a takardar da ta ce an biya shi duka, sai dai in ya yarda ya bar sauran. In biya ya gagara, sai a nemi sulhu ta hannun dattawa, ko sasantawa bisa Dokar Sasantawa da Sulhu ta 2023 idan sun amince da hakan a rubuce. In duk ya ci tura, sai lauya da kotu.