Amsoshin Tambayoyinku: Yaushe Bidiyon Noma Zai Fara Kawo Kuɗi?

Wani mai sauraronmu daga Kura, mai ɗora bidiyon noman rani na Kadawa a YouTube, yana tambaya yaushe zai fara samun kuɗin talla.

To Malam, sai ka tara mabiya 1,000, kuma an kalli bidiyoyinka na awa 4,000 cikin wata 12, sannan kamfanin ya duba tashar ya amince. Awannin nan su ne ƙashin bayan lamarin, domin minti 240,000 ke nan. In mai kallo yana tsayawa minti huɗu a bayanin dashen tumatir, kallo 60,000 ya wadatar, amma in minti ɗaya yake yi ya wuce, sai an kalla sau 240,000. Bayan an karɓe ka, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar dogon bidiyo naka ne, kuma ba a turo maka sai rabonka ya kai dala 100, wato tallar kusan dala 182.

Wani zai ce gajeren bidiyo ya fi saurin yaɗuwa. Gaskiya ne, sai dai ta wannan hanya ana neman kallo miliyan 10 cikin kwana 90, rabon kuma kashi 45 ne. Saboda haka Malam, ka riƙe dogon bayanin da manomi zai kalla har ƙarshe.