Yadda Za A Gano Kalmar Sirrin Wi-Fi Da Ta Ɓuya A Chromebook Ko Tablet

A gidaje da yawa a Matameye, intanet daga ƙaramin akwatin MiFi yake zuwa, ko daga wayar mai gida, da layin Airtel, Moov ko Zamani. Sau ɗaya ake rubuta kalmar sirri, na'ura ta riƙe ta, kowa ya manta. Sai ranar da aka sayo sabuwar waya ko baƙo ya sauka a fara nema. Chromebook ba ta da maɓallin nuna kalmar, don haka hanya mafi sauƙi ita ce a karɓo ta daga inda ta fito, ko daga wata na'urar da ta san ta.

1. Ku fara da tushen intanet ɗin. In wayar wani ce ke rabawa, kalmar tana cikinta a fili: a buɗe Hotspot, ko Point d'accès in wayar na Faransanci ne, a taɓa wurin kalmar. In MiFi ne, a cire murfin baya, a duba takardar da ke manne ƙarƙashin batir ko jikin murfin. Abin da ke gaban Wi-Fi Key ko Password shi ne ake nema, muddin ba a taɓa canza shi ba.

2. In an canza, ku shiga shafin akwatin ta Chromebook ɗin. Tunda tana haɗe, a buɗe Chrome a rubuta `192.168.8.1`, wanda shi ne adireshin yawancin akwatunan Huawei. Wasu kuma `192.168.0.1` ne ko `192.168.1.1`. Shafin zai nemi kalmar mai kula da akwati, wadda daban take da ta Wi-Fi, kuma sau da yawa tana kan waccan takardar. A sashen WLAN za a ga kalmar, ko a sa sabuwa.

3. A tablet mai Android, ku nemi lambar QR. Tun daga Android 10 na 2019 ake iya shiga Settings, sai Wi-Fi, a taɓa sunan layin, a danna Share ko Partager. Wasu na'urorin kan rubuta kalmar ƙarƙashin lambar, wasu kuma zanen kaɗai suke nunawa. To kalmar tana cikin zanen. A ɗauki hoton allon, a buɗe shi da Google Lens ko wata manhajar karanta QR. Misali, in layin gida sunansa Gidanmu, rubutun da ke ciki kamar haka yake:

```
WIFI:S:Gidanmu;T:WPA;P:Rumbu\;2024;;
```

Abin da ya biyo bayan `P:` shi ne kalmar. A nan `Rumbu;2024` ce, domin alamar `\` ba ta cikinta, an sa ta ne don kada a ɗauka kalmar ta ƙare a `;` na tsakiya. Wanda ya kwafe har da ita, layin zai ƙi shi. Da an gama a goge hoton, don duk wanda ya same shi ya samu kalmar.

4. A iPad, hanyar ta zo da iPadOS 16 a 2022. A shiga Settings, sai Wi-Fi, a taɓa alamar ⓘ kusa da sunan layin, sannan a taɓa ɗige-ɗigen Password. Zai nemi fuska, yatsa ko lambar buɗe allo kafin ya nuna.

5. Kada ku kunna Developer Mode a Chromebook. Masu gyara kan ambaci wannan hanya, amma kunna ta yana share duk abin da ke cikin na'urar: hotuna, takardun da aka sauke, har da layukan Wi-Fi da ta riƙe. Wato abin da ake nema shi ma ya tafi. In kuma Chromebook ɗin ta makaranta ce ko ta wurin aiki, mai kula da ita ne ya sa layin, shi za a tambaya.

6. Maɓallin Reset na akwati ya zama na ƙarshe. Danne shi da tsinke na ɗan lokaci yana mayar da suna da kalmar da ke kan takarda. Amma kowace waya a gidan za ta yanke sai an sake haɗa ta, kuma a wasu akwatunan sai an sake rubuta APN na kamfanin layin kafin intanet ya dawo. Don haka a tabbata takardar tana karantuwa kafin a danna, sannan a rubuta sabuwar kalmar a littafi, a ajiye wurin mai gida ko uwargida.