Darasin Wannan Wata: Yadda Ake Rubuta Sharuɗɗan Kantin Intanet a Fahimce Su

A yau ana ciniki ta wayar hannu. Mutum yana zaune a ƙauye, sai ya ga hoton kaya a waya, ya tura kuɗi, a aiko masa da kayan ta tashar mota. Irin wannan kanti shi ake kira kantin intanet. Mai saye bai ga mai kanti ba, bai kuma taɓa kayan da hannunsa ba. Abin da ke tsakaninsu shi ne rubutun da ake kira sharuɗɗan ciniki.

Sau da yawa ana rubuta sharuɗɗan nan da Turancin lauyoyi. Ko an mai da su Hausa, sai ka ji maganar a dunƙule. A wannan darasi za mu koyi yadda ake warware su. Darasin zai amfani mai kanti da zai rubuta, da mai saye da zai karanta.

Abin da doka ta ce

A Nijeriya akwai Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a 2019. Hukumar da ke kula da ita ana kiranta FCCPC. Abu biyu za mu ɗauka daga cikinta.

Na farko yana sashe na 114. Mai saye yana da haƙƙin a ba shi bayani da harshe mai sauƙi. Ma'aunin shi ne, mutum mai matsakaicin karatu, wanda bai saba sayen irin kayan ba, ya iya gane abin da aka rubuta.

Na biyu yana sashe na 132. Idan kaya suka zo da aibi, ko ba sa yin aikin da aka saye su dominsa, mai saye yana iya mayar da su cikin wata 3 daga ranar da aka kawo masa. Kuɗin mayarwar yana wuyan mai kanti. Shi kuma mai kanti sai ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Saboda haka rubuta "in an saya ba a mayarwa" ba ya kuɓutar da mai kanti idan kayan suna da aibi.

Misalin da za mu yi aiki da shi

A ce akwai wani kanti a Kano da ke sayar da fitila mai aiki da hasken rana. Kuɗin fitila Naira 18,000. Kuɗin aikowa zuwa tashar motar Gumel Naira 2,500. Duka ya kama Naira 20,500. Ga abin da mai kantin ya rubuta da farko:

"Kamfani zai isar da haja cikin lokacin da ya dace, ba tare da ɗaukar alhakin jinkirin da ya samo asali daga wani ɓangare na uku ba. Mayar da kuɗi ya ta'allaƙa ne bisa ganin damar kamfani, bayan cika ƙa'idojin da aka gindaya."

Karanta shi sau biyu. Yanzu tambayi kanka: yaushe fitilar za ta iso? In ta zo a fashe, nawa za a mayar maka? Rubutun bai amsa ko ɗaya ba. Bari mu gyara shi mataki-mataki.

Mataki na farko: fara da tambayoyin mai saye

Kada ka fara da gyaran kalmomi. Ɗauki takarda ka rubuta abin da mai saye yake son sani. Tambayoyin ba su wuce biyar ba. Yaushe kayana za su iso? A ina zan karɓa? In ba su iso ba fa? In sun zo da aibi fa? In na fasa saye fa?

Kowace tambaya ta zama kan magana, amsarta kuma ta zo a ƙarƙashinta. Ta haka wanda fitilarsa ta fashe zai tafi kai-tsaye wurin da ya shafe shi. In ka tarar da tambayar da tsohon rubutu bai amsa ba, to, mai kanti ne zai zauna ya yanke shawara tukuna. Ba a iya sauƙaƙa maganar da ba a riga an yanke ba.

Mataki na biyu: faɗi wanda zai yi aikin

Cire "kamfani" ka sa "mu". Cire "mai sayen haja" ka sa "kai" ko "ke". Ka kuma kula da kalmar "za a". In an ce "za a biya kuɗin mota", wa zai biya? Nan ake samun rigima. Sai a ce "mu za mu biya", ko "kai za ka biya". Shi kuwa "ɓangare na uku", ba kowa ba ne illa direban mota ko kamfanin aike. A kira shi da sunansa.

Mataki na uku: sa lamba a wurin maganar da ba ta da iyaka

"Lokacin da ya dace" ba shi da ma'auni. Wurin mai saye kwana 2 ne, wurin mai kanti yana iya zama wata guda. Sai a sa lamba. Amma lamba kaɗai ba ta isa ba, sai an faɗi ranar da za a fara ƙirga.

Akwai kuma tarkon "kwanakin aiki". Masu amfani da wannan kalma yawanci ba sa ƙirga Asabar da Lahadi. In ka biya ran Alhamis aka ce maka kwanakin aiki 5, ga lissafin: Juma'a, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Ka ga ya zama mako guda cur. Gara a rubuta "kwana 7" kowa ya gane.

Mataki na huɗu: raba aibi da fasa saye

Waɗannan abu biyu ne daban, kuma cakuɗa su shi ne babban kuskure. Idan fitila ba ta kamawa, mayarwa haƙƙi ne da doka ta bayar. Idan kuwa fitila lafiyarta ƙalau, ita ce kuma aka nuna a hoto, mai saye ne kawai ya ga ba ya so, to, a nan sai a duba alkawarin da kanti ya yi. Don haka kowanne a ba shi nasa wuri.

Ga sabon rubutu

Yaushe kayana za su iso? Za mu aiko da kayanka cikin kwana 7 daga ranar da kuɗinka ya shigo. Za mu turo maka lambar wayar direba.

A ina zan karɓa? A tashar motar da ka zaɓa. Buɗe kwalin ka duba a gaban direba.

In ba su iso ba fa? Idan kwana 14 suka cika ba ka karɓa ba, za mu mayar maka da kuɗinka duka, har da kuɗin aikowa.

In sun zo da aibi fa? Kira mu, ko ka turo hoton kayan. Kana da wata 3 daga ranar da ka karɓa. Mu za mu biya kuɗin motar dawowa. Za mu canza maka, ko mu mayar maka da kuɗinka duka, har da na aikowa. Wannan bai shafi kayan da suka lalace a hannunka ba, kamar fitilar da ta faɗa ruwa.

In na fasa saye fa? Kana iya dawo da kayan cikin kwana 7 daga ranar da ka karɓa, in ba ka yi amfani da su ba, suna kuma cikin kwalinsu. Kai za ka biya kuɗin motar dawowa. Za mu mayar maka da kuɗin kaya, ban da kuɗin aikowa.

Ta ina kuɗina zai dawo? Ta asusun da ka biya da shi, cikin kwana 5 daga ranar da kayan suka dawo hannunmu.

Lura da kyau: wata 3 daga doka ya fito. Sauran kwanakin kuwa kantin misalinmu ne ya zaɓa. Wani kantin yana iya sa nasa daban.

Mu gwada da lissafi

Wani manomi ya sayi fitilar, ta zo ba ta kamawa. Kanti zai biya motar dawowa, ya mayar masa da Naira 20,500. Bai yi asarar ko kwabo ba.

Maƙwabcinsa ya sayi irinta, lafiyarta ƙalau, sai ya fasa. Za a mayar masa da Naira 18,000. Kuɗin aikowa, Naira 2,500, ya tafi. Zai kuma biya wata Naira 2,500 ta dawowa. Asararsa Naira 5,000 ke nan. Wanda ya karanta sabon rubutu zai san wannan tun kafin ya tura kuɗi.

Inda ake yin tuntuɓe

Garin sauƙaƙawa wasu kan yar da sharaɗi. In ka cire "in ba ka yi amfani da su ba", ka canza alkawarin gaba ɗaya. Don haka ka ajiye tsohon rubutu kusa da sabo, ka bi su layi-layi. Wasu kuma sukan rubuta "kwana 7" ga kowace irin mayarwa, har da kaya masu aibi. Wannan ya gajarta wata 3 da doka ta bayar. Kada kuma mai kanti ya yi alkawarin kwana 2 alhali motar garin sau ɗaya take zuwa a mako, ran kasuwa. Idan kantin babba ne, a kai wa lauya sabon rubutun ya duba kafin a sa shi.

Yadda za ka san rubutu ya yi

Ba wa mutum uku da ba su san kantin ba su karanta. Kada ka tambaye su "kun gane?", domin kunya za ta sa su ce e. Tambaye su haka: "Fitila ta zo a fashe, me za ka yi, kuma nawa za ka samu?" Idan amsarsu ta zo ɗaya, ta kuma yi daidai da nufin kanti, rubutu ya yi. Idan ta bambanta, nemo layin da ya raba su ka sake shi.

Kai kuma mai saye, ka ɗauki hoton sharuɗɗan da shaidar biyan kuɗi ka ajiye a waya. In kanti ya ƙi cika alkawari, da su za ka kai ƙara ga FCCPC.

Tambayoyi

1. Wata nawa doka ta bayar don mayar da kaya masu aibi?
2. Wa ke biyan kuɗin motar dawowa idan kaya suna da aibi?
3. Ka biya ran Talata, aka ce kwanakin aiki 5. Wace rana ce ta ƙarshe?

Aikin aji

Sake rubuta wannan jimla yadda kowa zai gane: "Za a mayar da kuɗi nan ba da jimawa ba." Ka nuna wanda zai mayar, da yawan kwanaki, da ranar fara ƙirga. Karanta wa abokan karatunka, su faɗi abin da suka fahimta.